Ruwan Ceto, fitowa ta 2: rubutun wasan fim tare da layukan bayani don makafi

Ga wanda zai karanta da wanda zai haɗa sauti: duk layin da ya fara da BAYANI sabo ne, ba ya cikin rubutun da aka ɗauka a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ana shigar da shi ne inda 'yan wasa suka yi shiru, ba a kan maganarsu ba. A faɗi abin da ido ya gani kawai. Abin da kunne ya ji da kansa, kamar kukan yaro ko ƙarar babur, a bar shi.

00:00
BAYANI: Garwa, da hantsi. Gadar kogin Binuwai. Sai tsakar wani gida. Hadiza na zaune a tabarma, ɗanta Sani, mai shekara 2, kwance a cinyarta. Idanunsa sun faɗa.

(Dole a ambaci sunan Sani a nan. Ɗan fari ne, uwarsa ba za ta kira sunansa ba har ƙarshen wasan.)

00:14
HADIZA: Inna, yaron nan tun asuba zawo yake, ko nono ba ya kamawa sosai.
BAYANI: Surukarta, Inna Asabe, ta ajiye faifai ta tsuguna.
INNA ASABE: Haba maigidana, kai da za ka kawo mini cefane ka kwanta? Haƙori ne, 'yar nan, zai wuce.

00:27
MALAMA RABI: Salamu alaikum, masu gida.
BAYANI: Malama Rabi, ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ta shigo da jaka a kafaɗa.
INNA ASABE: Maraba da Malama. Ga shi kuwa kin zo a kan gaɓa.
MALAMA RABI: Inna, ina kwana. Bari in ga jikin nasa.

00:38
BAYANI: Ta ɗan mintsini fatar cikin yaron da yatsu biyu, ta saki. Fatar ba ta koma nan take ba, a hankali take kwanciya.
MALAMA RABI: Kin gani, Inna? Ruwan jikinsa ne ke ƙarewa.

(Kalmar "kin gani" ba ta gaya wa makauniya komai. Layin da ke samanta shi ne duk darasin, kada a rage shi don lokaci ya yi kaɗan.)

00:52
HADIZA: Na shiga uku. Me za mu ba shi?
MALAMA RABI: Kwantar da hankalinki. Maganin da nake rabawa ya ƙare mini jiya, amma za mu haɗa na gida kafin ku kai asibiti. Kawo mini tafasasshen ruwa da ya huce.

01:03
A nan mai haɗa hoto zai tsayar da hoton na daƙiƙa 8. Malama tana awo bakinta a rufe, shirun da ke wurin kuwa bai isa a faɗi awon ba. Gara fim ya ƙara tsawo da a bar uwa makauniya ta zuba gishiri da ka, domin gishirin da ya yi yawa yana cutar da yaro.

BAYANI: Ta wanke hannu da sabulu. Ta zuba ruwa lita 1 a kwano. Ta ɗebi sukari da ƙaramin cokali na shayi, ta shafe bakin cokalin don kada ya yi tozo. Sau 6 ta zuba. Sai gishiri, rabin wannan cokalin, sau ɗaya tak. Tana motsawa har ya narke.

01:25
MALAMA RABI: Ɗanɗana, Inna. Kada gishirinsa ya fi na hawaye.
BAYANI: Inna ta kurɓa, ta gyaɗa kai.
INNA ASABE: To, madalla.

01:34
BAYANI: Hadiza ta zaunar da Sani, tana ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Ya haɗiye. Ta ɗaga ido ta dubi Malama, tana murmushi.

(An rubuta "tana murmushi", ba "ta ji daɗi" ba. Mai saurare zai fahimci zuciyarta da kansa, kamar yadda mai kallo ya yi.)

MALAMA RABI: Idan ya yi amai, ki jira minti 10 ki ci gaba. Nono kuma kada ki fasa. Ɗauko mayafinki, mu tafi yanzu.

01:52
BAYANI: Hadiza ta goya shi. Inna ta juye sauran ruwan a gora mai murfi, ta miƙa mata. Sun fita ta zaure.

02:03
Rubutun ƙarshe a allo da Faransanci yake. A karanta shi da Hausa, a natse.

`SRO + ZINC`

BAYANI: Rubutu a allo. Ku nemi ƙullin maganin ruwan gishiri da sukari, wato SRO, da ƙwayar zinki a asibiti mafi kusa. Ana ba da zinki kwana 10 zuwa 14. Ruwan da aka haɗa, idan ya wuce awa 24, a zubar a haɗa sabo. In yaro ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a garzaya da shi asibiti.