Takardar koke kan atamfar da ta iso a lalace

Gusau, Jihar Zamfara
Alhamis, 14 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Alhaji Sani,
Kasuwar Kantin Kwari, Kano.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya iyali?

Alhaji, da farko ka yi haƙuri da saƙonnin murya guda 6 da na turo maka daren Talata. Raina a ɓace yake, na ɗaga murya, har na faɗi kalmar da ba ta dace da girmanka ba. Kalmar na janye ta. Maganar kaya kuwa tana nan, kuma wannan takarda ita ce matsayata, ita za mu riƙe.

Ranar Alhamis 7 ga wata na turo maka naira 870,000, kuɗin atamfa turmi 60 a kan 14,500 kowanne, ka ce ka ga alat. Turmi 40 zane ɗaya ne, mai ruwan goro da ganye, na ankon biki. Sauran 20 gauraye ne na shago. Yaronka ya kai tasha ranar Litinin, na karɓi dila biyu ranar Talata da la'asar, na biya kuɗin mota 18,000.

Dilar gauraye lafiya lau take. Ta ankon ce matsala. Tun kafin mu gama warware igiya wari ya buge mu, irin na kayan da suka daɗe a ɗaki mai danshi. Muka zube su a tabarma muka duba ɗaya bayan ɗaya, ni da ɗana da maƙwabciyata. Turmi 17 ne kawai suka fita. Guda 14 rini ya zuba ya shiga farin zanen, funfuna ta yi baƙi-baƙi a cikin ninki, takardar da ke manne a jiki ta narke ta kama yadin. Guda 9 kuma tabon ruwa ya bi gefensu, kusan taƙi ɗaya.

Yaronka ya ce mini ruwan sama ne a hanya, in nemi direba, wai kaya in ya bar shago ba ruwanku. Da ma haka ne da ban dame ka ba, na san damina muke ciki. Amma buhun da aka naɗe dilar a bushe yake ƙayau, ledar ciki ba huda ko ɗaya, kuma na tsakiya ne suka fi lalacewa, na sama da na ƙasa lafiyarsu ƙalau. Ruwan hanya daga waje yake farawa. Funfuna kuma ba ta yin baƙi haka a kwana ɗaya tsakanin Kano da Gusau. Kayan nan a jiƙe aka ɗaure su, daga sito. Ban ce da saninka aka yi ba, wataƙila ma ba ka nan aka haɗa. Na turo maka hotuna 11 da bidiyon buɗe dilar, buhun da ledar kuma na adana su.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ankon nan ba nawa ba ne. Mata 40 ne suka tara kuɗi suka ba ni amana, biki kuma Asabar 30 ga wata ne, ga ɗinki bai ko fara ba. Uwar amarya sau uku tana aiko mini tun jiya.

Ga abin da nake nema. Ka canza mini turmi 23 ɗin da irin zanen da kalar sak, su iso Gusau kafin Laraba 20 ga wata, kuɗin motar kawowa da na mayar da lalatattun a wuyanka. In zanen ya ƙare, to anko ba ya yiwuwa da rabi: zan dawo da 40 ɗin gaba ɗaya, ka mayar mini da naira 580,000 in nema a wani wuri tun da sauran lokaci. Ragi ba zai yi mini amfani ba, don ba wadda za ta sa mai tabo a biki.

Shekara 5 ke nan muna hulɗa, ban taɓa cin bashinka ba, kai ma ban taɓa kama ka da ha'inci ba, shi ya sa na fara da kai kafin kowa. Ina jiran amsarka a rubuce zuwa yammacin Asabar 16 ga wata. In ban ji komai ba, ranar Litinin ɗana zai shigo Kano da kayan da buhun, ya kai maganar gaban shugabannin layinku su duba mana.

Allah ya ba da kasuwa. A gaida Hajiya.

Wassalam,
Hajiya Rabi