Wasiƙar godiya ga Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Na rubuto ne in yi miki godiya bisa ɗaukar nauyin karatuna da kika yi a fannin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. A makon jiya ofishin kuɗi na jami'a ya tabbatar mini cewa kuɗin rajistar bana ya shiga, har da na ɗakin kwana. Kuɗin littattafai da kika aiko ta hannun sakatarenki shi ma ya iso. Na sayi littafin ilimin jini da na daɗe ina aro a wurin ƙawaye, na ƙara da farar rigar ɗakin gwaji da akwatin safar hannu. Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri.

Ranar da muka zo ganawa kin ce mana ba kya son dogon yabo, kin fi son ki ji abin da taimakon ya yi. To ga shi: tallafinki ya sa na janye takardar jingine karatu da na riga na cike, na daina raba dare a kan keken ɗinki don haɗa kuɗin makaranta, na koma ɗaliba mai shiga aji da hankalinta a kwance.

Bari in ɗan nuna miki inda kuɗinki yake tafiya. A zangon da ya wuce an tura mu asibitin koyarwa, aka ajiye ni a teburin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ana ɗiga jini kaɗan a kan gilashi, a shimfiɗa shi, a bari ya bushe, a zuba masa rini, sannan a ɗora ɗigon mai a sa a ƙarƙashin madubin likita. Da farko ba abin da nake gani sai jajayen ƙwayoyin jini birjik. Malamarmu ta ce in daina gaggawa, in bi gilashin layi-layi. Can sai ga ƙwayar cutar a cikin ƙwayar jini, 'yar mitsitsiya kamar zobe. Jinin wani yaro ne da mahaifiyarsa ke zaune a waje tana jira. Malama ta duba ta tabbatar, aka rubuta sakamako, aka kai wa likita. Wannan aiki hannu da ido ne suke koyon sa, kuma sai mutum ya zauna ya ba shi lokaci. Lokacin kuwa ke kika ba ni shi.

Yanzu zuciyata ta fi karkata ga cutar sikila, kuma a kanta nake son yin binciken kammala karatu. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda mutane da yawa ba su san nau'in jininsu na gado, wato genotype, ba sai bayan an haifi yaro mai ciwon. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jininsu amma ba su da ciwon, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS, wato mai ciwon. A kowane ciki, Hajiya, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kuma nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Gwajin ba shi da wuya. Bayanin ne yake buƙatar mai haƙuri da zai zauna da mutane ya faɗa musu da harshen da suke ji, ba tare da ya tsorata su ba. Ina so in zama cikin masu yin wannan.

Na haɗo miki kwafin sakamakon jarrabawata ta aji huɗu da rasit ɗin rajista. Za ki ga na ci dukkan darussa, ba wanda zan maimaita. Saura shekara ɗaya in gama, in Allah ya yarda, kuma zan riƙa aiko miki da sakamako a ƙarshen kowane zango kamar yadda muka yi alkawari.

Innata tana gaishe ki ƙwarai. Ta ce in faɗa miki ba ta da bakin godiya, amma kullum sunanki yana cikin addu'arta bayan sallar asuba. Tana son ta zo da kanta ta gaishe ki idan an yi hutu. In kin amince, sai sakatarenki ya sanar da ni ranar da ba za mu takura miki ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya yi wa dukiyarki albarka, ya jiƙan magabatanki, ya raya miki zuri'a.

Wassalam.

'Yarki,
Rukayya