Takardar Rabon Alhakin Ayyukan Bankin Cimaka na Kakar Bana

Zuwa ga membobin kwamitin gudanarwa, masu sayen hatsi, mai kula da magaza da shugabar kwamitin sa ido.

Assalamu alaikum. Bisa shawarar da aka tsayar a zaman kwamiti na ranar Asabar da ta gabata a ofishin ƙungiya da ke unguwar Zango, a nan Damagaram, ana gabatar muku da jadawalin da zai fayyace hannun kowa a aikin sayen gero, ajiyarsa da sayar da shi ga membobi idan damina ta faɗi, abinci ya yi tsada. Bana an ware miliyan 3 na sefa domin saye.

Dalilin kawo wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Bara wakilanmu biyu sun sayi gero a mako guda da farashi mabambanta, ɗaya a kasuwar Dole ranar Alhamis, ɗaya a Mirya ranar Lahadi, saboda kowannensu ya ji umarni daga bakin mutum dabam. Haka kuma buhu 12 sun kwana a ƙofar magaza, domin ba wanda ya gaya wa mai makulli cewa mota na tafe. Da aka zauna bin bahasi, ba a samu wanda ya ƙi aikinsa ba. Abin da aka tarar shi ne kowa ya ɗauka wani ne zai yi.

Jadawalin shi ne wanda takardun masu ba da tallafi ke kira RACI, amma mun sa masa haruffan da kowa zai iya tunawa. Harafin Y na mai yi ne, wato wanda zai taɓa aikin da hannunsa har ya kammala. Harafin A na mai amincewa ne, wanda aikin ba ya zama gamamme sai ya duba ya sa hannu, kuma shi za a tambaya a gaban babban taro idan abu ya lalace. Harafin S na wanda ake neman shawararsa ne kafin a yanke hukunci, a saurare shi, a kuma mayar masa da amsa. Harafin L na wanda ake kai wa labari ne bayan an yanke ko an gama, ba tare da an jira ra'ayinsa ba. Gurbin da aka ja wa layi yana nufin mutumin ba shi da hannu a wannan aiki.

| Aiki | Shugaba | Ma'aji | Sakatare | Masu saye | Mai magaza | Shugabar sa ido |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Binciken farashi a kasuwanni | L | A | – | Y | – | – |
| Tsayar da iyakar farashin saye | A | Y | L | S | – | S |
| Fitar da kuɗi daga asusu | A | Y | L | L | – | L |
| Gyara da share magaza | L | S | A | – | Y | – |
| Sayen gero da ɗauko shi | L | A | – | Y | S | – |
| Awo da karɓar buhuna | – | L | A | S | Y | L |
| Ƙidayar ƙarshen wata | L | L | L | – | S | A da Y |
| Tsayar da ranar sayarwa da farashi | A | S | Y | – | S | L |

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce harafin A ɗaya tak yake a kowane layi. Wasu dattawan kwamiti sun so a sa shugaba da ma'aji tare a kan sayen gero, don gudun kada ɗaya ya ji an rage masa girma, amma kwamiti bai karɓi wannan ba, domin ba a sarki biyu a zamani ɗaya, kuma idan wakili yana tsaye a gaban dillali da tsakar rana, yana bukatar lambar mutum guda da zai kira ya ce masa saya ko bari. Wannan mutum shi ne ma'aji, muddin farashin bai wuce iyakar da shugaba ya riga ya amince da ita a layi na biyu ba. Idan ya wuce, ko da dala ɗaya ce a kan tiya, maganar ta fita daga hannun ma'aji ta koma layi na biyu, sai an sake tsayar da iyaka.

A lura da cewa wanda ya sayo ba shi ne ke karɓa ba. An raba waɗannan biyu da gangan. Mai magaza zai auna kowane buhu a gaban wakilin da ya kawo shi, a bisa lissafin tiya 40 a buhu mai kilo 100, ya duba ko akwai ƙasa, ƙaiƙayi ko danshi, sannan ya rubuta a littafin shiga. Sakatare ne zai sa hannu a ƙarƙashin lissafin a ranar. An sa wa wakilin S a nan saboda dole ne a ji ta bakinsa kafin a rubuta cewa buhu ya gaza, amma ba shi da ikon hana a rubuta.

Bambancin S da L shi ne inda aka fi samun saɓani, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Wanda aka sa wa S yana da haƙƙin a tuntuɓe shi tun da sauran lokaci, ba a kira shi bayan an ɗora kaya a mota ba. Misali, a layin sayen gero ana shawartar mai magaza ne a kan yawan buhunan da zai iya karɓa da ranar da zai kasance a wurin, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana abin da ya faru bara. Sai dai shawara ba umarni ba ce. Mai amincewa yana iya saurara ya zaɓi wata hanya, amma ya faɗi dalilinsa. An ba mai S kwana biyu ya amsa, in ya yi shiru a ci gaba da aiki. Shi kuwa mai L saƙon waya ko ƴar takarda ta wadatar, in dai ta isa gare shi kafin rana ta faɗi a ranar da aka gama. Mun taƙaita yawan masu S da gangan, domin a ganin kwamiti layin da aka cika shi da masu shawara ba ya motsi, alhali farashin gero a kaka ba ya jiran kowa.

A layin ƙidaya kaɗai aka haɗa A da Y a hannu ɗaya, saboda bai dace wanda ake bincikar aikinsa ya zama mai sa hannu a kan binciken ba. Shugabar sa ido za ta yi ƙidayar tare da membobin kwamitinta, ta kai sakamakon ga babban taro kai tsaye.

Wanda ya bi jadawalin daga sama zuwa ƙasa zai ga shugaba ba shi da Y ko ɗaya. Wannan ba ragin matsayi ba ne. An sauke masa zirga-zirgar kasuwa ne don ya samu sukunin duba abubuwa uku da ke jiran sa hannunsa. Mai unguwa kuwa, ko da yake ba ya cikin jadawalin, sakatare zai sanar da shi ranar fara sayarwa mako guda kafin lokacin.

Idan mai A zai yi tafiya ko rashin lafiya ta same shi, zai rubuta sunan wanda ya wakilta a littafin ofis, kuma ba zai wakilta wanda ke riƙe da Y a wannan layin ba. Duk aikin da ya taso wanda babu shi a nan, kamar hayar amalanke ko sayen maganin ƙwari, a kawo wa sakatare a buɗe masa layi kafin a kashe ko jika ɗaya.

Ana roƙon kowa ya karanta gurbinsa, ya kawo gyaran da yake gani kafin zaman Asabar mai zuwa da ƙarfe 4 da rabi, bayan sallar La'asar. A zaman ne kowa zai sa hannu, a manna kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a bangon magaza. Za a sake duba jadawalin da zarar an kammala saye, kafin a rufe magaza.

Wassalam.

Sakataren kwamitin gudanarwa,
da amincewar Shugaban ƙungiya