Tambayar giretin mai layi 500: kusurwoyin haske da oda ta ƙarshe da za a iya gani

Salam 'yan ajinmu, ga tambayar da na ce zan turo kafin tes ɗin ranar Alhamis, don Allah kowa ya ɗauki biro da takarda ya gwada da kansa tukun kafin ya leƙa amsar da ke ƙasa, saboda karanta lissafi daban ne yin sa da hannu daban.

TAMBAYA

An haska leza ja ta hiliyam da niyon, mai tsawon zango λ = 632.8 nm, a kan difirakshan giretin mai layi 500 a cikin kowace milimita ɗaya. Hasken ya faɗa a miƙe kan fuskar giretin ɗin, bai karkace ba.

(a) Nemo tazarar d da ke tsakanin tsaga biyu masu maƙwabtaka.

(b) Nemo kusurwar kowane babban ɗigon haske da zai fito.

(c) Wace oda ce mafi girma da za a iya gani, kuma ɗigo nawa ne gaba ɗaya?

(d) In aka sa allon bango a nisan mita 1.5 daga giretin, faɗin allon mita 3 ne kuma ɗigon tsakiya ya faɗa daidai tsakiyarsa, ɗigo nawa ne za su hau allon?

(e) Aka cire ja aka kawo leza koriya mai λ = 532 nm. Oda ta ƙarshe ta nawa ce yanzu?

AMSA

Bari mu fara da abin da ke faruwa kafin lamba. Giretin dai gilashi ne ko roba da aka yi wa tsage-tsage birjik jere da juna, haske na bi ta kowace tsaga ya bazu, to hasken da ya fito ta wannan tsagar da na maƙwabciyarta in za su tafi wuri ɗaya a gefe dole ɗayan ya fi ɗayan doguwar tafiya, kuma wannan rarar tafiyar ita ce d sin θ. In rarar ta yi daidai da zango ɗaya cif, ko biyu, ko uku, sai tudu ya hau kan tudu kwari ya hau kan kwari, duk tsagogin su haɗa ƙarfi wuri ya haske tar. Shi ke nan fomular:

d sin θ = mλ

m ita ce odar, 0, 1, 2, 3 haka, lamba cikakkiya kullum babu ɗigo a bayanta. θ kuma daga layin tsakiya ake auna ta, wato inda lezar za ta wuce da babu giretin a gabanta.

(a) Layi 500 a milimita ɗaya, to tazarar layi zuwa layi:

d = 1/500 mm = 0.002 mm = 2.0 × 10⁻⁶ m = 2000 nm

Nan ne wasu ke zubar da maki tun ba a je ko'ina ba. Sai ka ga mutum ya sa 500 a matsayin d, ko ya yi 1/500 ya ce mita ce alhali milimita aka ba shi. Ni shawarata a mayar da d zuwa nanomita kawai tunda λ a nanomita take, sai su cinye juna a huta da jan 10⁻⁹. Kuma ku duba tambaya da kyau, wata rana a santimita za a ba ku, layi 5000 a santimita shi ne dai wannan 500 ɗin a milimita.

(b) sin θ = mλ/d, kuma λ/d = 632.8/2000 = 0.3164. Wannan lambar ku riƙe ta, ita za mu riƙa ninkawa.

m = 0: sin θ = 0, θ = 0°

m = 1: sin θ = 0.3164, θ = 18.4°

m = 2: sin θ = 0.6328, θ = 39.3°

m = 3: sin θ = 0.9492, θ = 71.7°

m = 4: sin θ = 1.2656, babu kusurwa

Ku lura da yadda suke tafiya. Daga tsakiya zuwa ta farko digiri 18.4, daga ta farko zuwa ta biyu 20.9, amma daga ta biyu zuwa ta uku sai da aka yi tsallen digiri 32.4. Abin da ke ninkuwa sayin ɗin ne, kusurwar ba ta ninkuwa. Duk wanda ya samo 18.4 ya ce to ta biyu 36.8 ce ta uku 55.2, wallahi ya faɗi, kuma kuskuren na ta uku ya haura digiri 16, babu malamin da zai yafe wannan. Dalilin da ya sa hannu ke zuwa can shi ne mun saba da tsaga biyu ta Young inda kusurwa ƙarama ce ake cewa sin θ kusan θ ce, to a can tazarar tsaga tana kai rabin milimita, nan kuwa 0.002 mm muke magana, kusurwoyin manya ne, wancan gajeren hanyar ba ta ɓullewa.

Af, kalkuleta. SHIFT sannan sin, kuma a tabbata tana kan digiri. In ka danna na 0.3164 ka ga 0.322 to tana kan radiyan, ka mayar da ita kafin ka ci gaba.

(c) Da ka sa 1.2656 kalkuleta za ta rubuto maka Math ERROR, kuma ba lalacewa ta yi ba, gaskiya ta faɗa maka. Sayin ba ya wuce 1. Ma'anarsa a zahiri kuwa, rarar tafiyar da ke tsakanin tsaga biyu ba za ta taɓa fin tazarar tsagogin kansu ba, iyakarta d, kuma sai hasken ya kwanta ya bi jikin giretin a digiri 90 za ta kai hakan. Oda ta huɗu tana buƙatar rarar 4 × 632.8 = 2531.2 nm, mu kuma 2000 nm gare mu. Ina za a samo sauran? Babu.

A jarrabawa ga yadda za a rubuta a gajarce:

sin θ ≤ 1, don haka m ≤ d/λ = 2000/632.8 = 3.16

Oda mafi girma ita ce m = 3. Yawan ɗigo kuma uku a dama, uku a hagu, ɗaya a tsakiya, 2(3) + 1 = 7. Na tsakiyan nan ake yawan mantawa a rubuta shida, shi kuwa ya fi kowanne haske ma.

(d) Wannan ni na ƙara shi da gangan, don oda ta wanzu a lissafi ba shi ke nufin za ka gan ta a bangonka ba. Nisan ɗigo daga tsakiyar allo shi ne y = L tan θ, tan fa, ba sin ba.

y₁ = 1.5 × tan 18.4° = 0.50 m

y₂ = 1.5 × tan 39.3° = 1.23 m

y₃ = 1.5 × tan 71.7° = 4.5 m

Allon mita 1.5 kawai yake da ita ta kowane gefe, to ta farko da ta biyu sun hau, ta uku ta wuce can gefe sai dai a neme ta a bangon dama da na hagu na ɗakin. Ɗigo biyar ke kan allo. Bakwai ɗin suna nan a cikin ɗaki, allon ne bai ishe su ba, shi ya sa a ɗakin gwaji ake amfani da sifektiromita mai madubin hange da ke juyawa a kewaye maimakon dogaro da bango.

(e) To ga inda nake so kowa ya tsaya, don saboda wannan na zauna rubuta duk abin nan.

d/λ = 2000/532 = 3.76

Tun firamare aka koya mana in lambar bayan ɗigo ta kai biyar a ɗaga sama, to hannu sai ya rubuta 4 tun kafin kai ya yi tunani. A nan haramun ne. Gwada m = 4 ka gani, sin θ = 4 × 0.266 = 1.064, ya wuce ɗaya, babu ita. Ko 3.99 ka samu amsa 3 ce, yanke wutsiyar ake yi a jefar. Kamar mai buhun da ke cin kwano uku da kwata uku ne, kwano na huɗu bai shiga ba duk kusantar da ya yi. Don haka m = 3 har yanzu, ɗigo bakwai, kusurwoyin su ne 15.4°, 32.1° da 52.9°.

Ku kwatanta da na ja, kowace oda ta koriya ta fi matsowa tsakiya, saboda zangonta ya fi gajarta. A giretin ja ne ya fi karkata, shuɗi ya fi zama kusa da tsakiya. A firizim akasin haka ne, can shuɗi da shunayya ke fin lanƙwasa, kar a haɗa su.

Wani zai tambaya, to in d/λ ta faɗo cif babu ɗigo fa? Misali λ = 500 nm, 2000/500 = 4 daidai. Nan oda ta huɗu tana kan digiri 90, ta kwanta a jikin giretin, ba za ta taɓa isa wani allo da ke gaba ba. In tambaya ta ce wadda za a iya gani, ni 3 zan rubuta, sannan in ƙara layi ɗaya in ce m = 4 tana faɗawa a 90° shi ya sa ban ƙirga ta ba. Ku rubuta wannan layin, shi ke nuna wa mai makin kun san abin da kuke yi. Akwai kuma batun faɗin tsagar kanta da ke iya ɓatar da wata oda, misali in faɗin tsaga rabin d ne odoji 2, 4, 6 sukan ɓace, amma tunda ba a ba mu faɗin ba a wannan tambayar ba mu taɓa shi ba.

NA GIDA

Na ɗaya. Farin haske daga 400 nm zuwa 700 nm ya faɗa kan wannan giretin ɗin dai mai d = 2000 nm. Nemo inda bakan gizon oda ta farko ya fara da inda ya ƙare, sannan ka nuna cewa oda ta biyu da ta uku sun hau kan juna. Don ku duba kanku, ta farko daga 11.5° zuwa 20.5° take, jan oda ta biyu yana 44.4° shi kuwa shunayyan oda ta uku tun a 36.9° ya fito. Cikakken bakan gizo nawa za a samu a kowane gefe? Ku yi tunani da wace λ za ku raba d, doguwar ko gajerar.

Na biyu. Faifan sidi giretin ne mai mayar da haske, shi ya sa yake walƙiya kala-kala in ka juya shi a rana, tazarar layukansa kusan 1600 nm ce, ta dibidi kuma 740 nm. Da lezar nan ja mai 632.8 nm a miƙe, oda ta ƙarshe ta nawa ce a kowanne? Wanda ke da tsohon faifai da ƙaramar leza a gida ya gwada da daddare a bango ya ƙirga ɗigon ya gani ko ya yi daidai da lissafinsa, amma don girman Allah kar a haska ta a idon kowa, kuma a kula da hasken da ke dawowa daga faifan, a kawar da yara daga gaba.

Ku kawo amsoshin biyu a rubuce ranar Laraba bayan la'asar, za mu bi su a allo tare.