Roƙon Sauya Lokacin Aiki a Watan Ramadan

Ranka ya daɗe Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Da fatan ana lafiya, ya aiki?

Kasancewar azumi ya ƙarato, ina neman izini a sauya mini lokacin aiki na wannan watan kaɗai. Yanzu ina shigowa ƙarfe 9 na safe, na tashi ƙarfe 6 na yamma. Idan ka amince, zan riƙa zuwa ƙarfe 8, na tashi ƙarfe 4. Awa ɗaya ta hutun cin abincin rana ba zan ɗauka ba, sai 'yan mintocin sallar Azahar, don haka awa takwas ɗina na nan cif-cif.

Dalili shi ne hanya. Idan na tashi ƙarfe 6, a cunkoson motoci ake kiran Magariba, a nan zan sha ruwa. Kuma gaskiya kan mai azumi ya fi kama lissafi da safe.

Na yi magana da Malama Hadiza, ta yarda ta karɓi masu zuwa bayan ƙarfe 4, ni kuma na karɓar mata na sassafe. Rahoton Alhamis zai iso teburinka kafin na fita. Ranar da taro ya faɗo da yamma, zan tsaya har a gama.

Na san ba ni kaɗai ke azumi a sashenmu ba. Idan akwai tsarin da ake shiryawa kowa, shi zan bi. In kuma wannan zai takura wa aiki, duk abin da ka yanke ya yi.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Bashir Usman
Sashen Kuɗi