Bayanin Hoto: Kasuwa a Tsakiyar Cinta

An ɗauki hoton ne daga sama kaɗan, da rana tsaka, domin inuwar kowane mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. Wata ƴar siririyar hanya ta ratsa tsakiyar kasuwar daga ƙasan hoton zuwa samansa, kuma ta cika maƙil da jama'a, har kafaɗa na gogar kafaɗa.

A gaba ta hannun hagu, wata dattijuwa tana zaune a kan gajeriyar kujera, an jera kwanduna uku na kayan lambu a gabanta, ja da kore da rawaya. Ta miƙa hannun dama tana karɓar kuɗi daga wani saurayi da ya sunkuyo, bakinsa a buɗe, da alama ciniki bai gama faɗawa ba. Kusa da gwiwarta akwai ƙaramin sikeli wanda fentinsa ya kankare.

Ta hannun dama, wani ɗan dako ya ɗora buhu a kafaɗa, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, yana kutsawa tsakanin mata biyu da suka tsaya gaisawa. Can baya, rumfuna masu rufin kwano da na tamfol sun jeru har inda ƙura ta dusashe su.