Wasiƙa zuwa ga Babangida akan hoton Malam

Assalamu alaikum Babangida, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali ya su Ummi da ƙannenta, Allah ya raya mana su. Mu nan Kano lafiya lau sai zafi, ƙafar ma da sauƙi alhamdulillahi, na koma zuwa masallaci da kaina ba sai an riƙe ni ba.

Dalilin rubuto maka wannan doguwar wasiƙa maimakon in kira ka shine in na kira mantuwa nake, sai mun ajiye waya in tuna abin da ban faɗa ba, kuma ina so ka samu abin da zaka riƙa dubawa in ka zauna aikin. Maganar hoton Malam ce, mahaifina mai sunanka, wanda ke rataye a zaure tun kana yaro. Shekaranjiya na sa aka sauko min da shi zan goge ƙura, da na kai shi haske na duba da kyau wallahi sai da na yi hawaye, hoton yana ta tafiya muna zaune bamu lura ba. Kuma shi kenan mana, babu wani hoton nasa ko ɗaya a duk dangi sai ɗan ƙaramin na fasfo da yayi na aikin hajji, shi ma ban san hannun wanda yake ba yanzu.

A Sabon Gari aka ɗauke shi a 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala, ni na raka shi studiyo ɗin da kaina don da ƙyar ya yarda, cewa yake me za'a yi da hoton tsoho. Mai kala ne, lokacin mai kala sai wane da wane. Tabon da zaka gani kuwa na ruwan 1988 ne, damunar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, soron zauren ya yi yoyo ruwa ya bi bango ya shiga ta bayan firem, muka shanya shi a haka bamu buɗe ba. Shatin ruwan ya taso daga ƙasa ta hagu ya haye har kafaɗarsa kamar an zuba shayi, sannan akwai ɗigo ɗigo ruwan ƙasa na fumfuna a bango bayansa da kan gwiwa, da tsatsar ƙusa a kusurwar sama. Duk waɗannan ka cire su, ba na son ganin ko ɗaya.

Amma abin da yafi damuna rigar ce. Yanzu in ka kalla sai ka ce wata riga ce ja-ja mai ruwan ƙasa, har Ummi ta taɓa tambayata wai Kaka rigar makuba yake sawa. Wani mai hoto ya faɗa min wai haka hotunan wancan zamanin suke, shuɗin cikinsu ne ke fara gudu in sun daɗe sai ja ya rage, to namu shekara nawa yana rataye a zaure. Rigar nan saƙi ce Babangida, saƙar hannu, shuɗi mai duhu sosai har yana neman baƙi, da ɗan zane fari fari ƙanana kamar jikin zabo, rinin baba na asali irin na marinar Ƙofar Mata. Don Allah kar ka sa mata shuɗin shaddar yanzu mai ɗaukar ido ko ruwan bula, in kayi haka ka canja min mutum, Malam bai taɓa sa irin wannan ba. Aikin wuyan aska takwas ne da zare fari wanda ya ɗan ja ruwan madara, ba fari fat ba, ya sauko ta kan aljihu har ƙasa, shafin bakin rigar ta ciki kuma ja ne na alharini, yana ɗan leƙowa ta wajen da ya naɗe hannun rigar a kafaɗa. A nan ne ruwan yafi cin hoton, askar biyu sun ɓace gaba ɗaya.

Kar ka zauna ka ƙirƙiro aikin da ka, rigar tana nan da ranta. Tana adakar Gwaggonka ta Fagge, ita aka ba wa lokacin rabon gado, na yi mata magana ta ce ka zo duk ranar da ka shigo gari ka ɗauke ta a waya. Ka shimfiɗa ta a inuwa da safe ka ɗauka, a rana kalar ƙarya take, sai ka kwaikwayi aikin daga nan. Ka tafi mata da ɗan goro da sabulu, kar ka je hannu rabbana.

Rawanin ɗan Kura ne, baƙi mai walƙiya wanda ya sha shuni ya sha bugu, a hoton ya koma toka toka ba ƙyalli, ka dawo masa da ƙyallinsa in zai yiwu. To a nan ka saurare ni da kyau. Zaka ga wani ɗan duhu a goshinsa daidai bakin rawanin da kuma gefen wuyansa, wannan ba tabo bane, shunin rawanin ne ke zuba a fata, da shi ake gane mai ɗan Kura na gaske, mu muna yara in ya shafa kanmu har hannunsa shuɗi ne. Ka bar shi yadda yake.

Fuskar kuma gaba ɗaya kar ka taɓa ta, wannan roƙo ne kuma umarni ne. Akwai maƙwabcinmu da ya kai hoton mahaifiyarsa wani shago a gyara, aka dawo masa da ita fuska sumul kamar 'yar shekara ashirin, an goge tsagen fuskarta an ƙara mata haske, mutumin nan ya kalla ya ce wannan ba uwata bace, hoton yana ƙarƙashin gado har yau. Ni ina son Malam da tsagensa na gefen baki, da furfurar gemunsa, da tabon sallah, da idonsa na hagu da ya ɗan kanne tun ciwon da yayi yana yaro. Baƙi ne kakanka, ka bar shi baƙi. In ɗigon fumfuna ya hau kumatu ka cire ɗigon kawai ka tsaya.

Wani abu kuma, hoton ya manne da gilashin ta ƙasa inda ruwan ya kwanta, na ɗan gwada ɗagawa naji yana neman ɓarewa sai na bari. Kai ma kar ka ɓamɓare, kar ka sa masa ruwa ko fetur ko wani abin gogewa, ka yi sikanin ɗinsa tare da gilashin ko ka ɗauka da kyamara ba filasha, duk gyaran a kwamfuta zaka yi, na asalin ka dawo min da shi da tabonsa yadda yake. Ƙaninka Sadiƙu ya ɗauka da wayarsa zai turo maka ta WhatsApp ka fara gani, ya ce ta Document zai tura don kar ya dushe, amma ainihin hoton ba zan ba direban mota ba, sai ka zo da kanka ka ɗauka.

Ba gaggawa nake maka ba na san aiki ya maka yawa, sai dai ina so ya zamo a shirye kafin babbar sallah da za'a taru. Ka wanke guda biyar, ni ɗaya babba na zaure, Gwaggonka ɗaya, Baffanka na Zariya ɗaya, kai ɗaya, na biyar ɗin a ajiye wa Ummi. Kafin ka kai wanki ka turo min in gani tukuna, ni da Gwaggonka mu kaɗai muka rage da muka san kalar rigar nan a jikinsa, in mun ce tayi to tayi. Kuɗin firem da na wanki ka faɗa min, fanshon wannan watan ya shigo, kar ka ce min a'a.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, mahaifiyarka tana gaishe ku ta ce a turo mata Ummi hutu. Allah ya yi maka albarka, Allah ya jiƙan Malam ya kai haske kabarinsa.

Naka,
Baba